Tagar da Baba Isyaku Ya Tare

Motar kaya ta riga ta cika a ƙofar gida, an ɗaure katifa a sama, amma Auta direba ya ce ba zai ko taɓa makulli ba sai ya ga rabin kuɗinsa a hannu, naira dubu shida. Daga Wudil zuwa Billiri ba nan kusa ba ne, kuma mai ya ƙara kuɗi.

Marta ba ta damu ba. Shekara uku tana aiki a ɗakin karatu na jami'a, tun shekarar da aka buɗe ta, ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba. Yanzu za ta gida a ɗaura mata aure, albashi duk ya tafi a kayan ɗaki. Abin da ta dogara da shi kuɗin ajiya ne, dubu takwas da ta bayar ranar da ta kama hayar ɗaki da falo, wanda ake mayar wa mutum in ya bar gida yadda ya same shi.

Mai gidan, Baba Isyaku, manomi ne daga Indabo. Ya zo a kan babur da matarsa Hansai don sallama. Duba gidan kuwa aikin Garzali ne, ɗan ƙanensa mai kula masa da haya, mutumin da ko gaisuwa za ku yi sai ka ji kamar zai ce ka sa hannu. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da mutanen gida da shirin biki, sai ya zaro takardu biyu: ta ranar shiga, da sabuwa ta fita.

Gaskiya Garzali ba azzalumi ba ne. Ya dubi fentin da ya koɗe ya ce wannan tsufa ne, ba a cire masa kuɗi. Ya dubi rasit ɗin wuta ya ga ba a binta komai. Ya murɗa famfo, ya kunna kowane ƙwai. Sai ya ɗaga kai a uwar ɗaka ya ga sili ya yi baƙi ya lotsa.

"Malama, takardar shiga ta ce sili lafiya."

"Haka ta ce."

"Taga ma ta ce lafiya. Ga gilasai huɗu babu. Daɓe lafiya, ga tsaga tun daga ƙofa har bango. Kuma wannan sa hannunki ne."

Nata ne kuwa. Ya rubuta kowanne da kuɗin gyaransa, ya ƙara ƙofar kicin da risho ya ƙona da makulli ɗaya da ya ɓata. Da ya haɗa, abin da ya rage mata bai kai rabin kuɗin Auta ba. Marta ta leƙa waje ta ga Auta yana kallon igiyar da ya ɗaure katifa, irin kallon mai shirin kwancewa.

Abin haushin shi ne duk ukun nan haka ta same su. Amma ranar da ta shigo, dattijo ne tsaye a gabanta, ya sha babbar riga, yana nuna mata gidan da ya gina da kuɗin gyaɗa. A gidansu ba a koya mata ta dubi idon sa'an ubanta ta ce gininsa da aibu ba. Garzali na tsakar gida yana karanto abubuwa yana cikewa, ita kuwa duk abin da ya kira sai ta ce lafiya lau. Yau ma bakin ya ƙi buɗuwa. Ta tsaya tana murza bakin gyalenta.

Hansai ce ta shigo ta tarar da su shiru. Ta tambayi abin da ya faru, Garzali ya karanta mata. Ta dubi silin, ta dubi tagar, sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa bango.

"Garzali, kira min baffanka."

Baba Isyaku ya shigo yana gyara hula.

"Malam, ranar da yarinyar nan ta zo ganin ɗaki, a ina ka tsaya?"

"Ina ruwan tsayuwata da maganar nan?"

"Ai kai ka dawo gida kana ba ni labari. Ka ce ka baza riga a jikin taga ba ka motsa ba har aka gama, don kada 'yar boko ta ga gilasan da babu ta raina gidan."

Dattijo ya sosa ƙeya. Ya dubi Marta a kaikaice. "To, ni dai na ɗauka ba ta gani ba. Na ce in an sayar da wake zan gyara, sai magana ta sha ruwa."

"Na gani, Baba," Marta ta ce a hankali. "Iska tana ta kaɗa rigarka ta baya."

Nan fa dariya ta ɓarke, har Garzali sai da ya rufe baki da takarda. Hansai ta ce tsagar daɓe kuma tun lokacin da suke jibge buhunan gero a ɗakin ta fito, sili kuwa da tabonsa aka ba da hayar.

Baba Isyaku ya daina dariya. "'Yata, damina uku yana zuba?"

"Baho nake tarawa."

"Kullum Juma'a ina zuwa kasuwa, ina tsayawa mu gaisa, kina ce min lafiya lau?"

Ta sunkuyar da kai. Abin ya taɓa shi ƙwarai, ya ga kunyarsa ce ta sa 'yar mutane kwana da baho. Ya juya ya ce wa Garzali ya yaga takardar, a ba ta kuɗinta cif.

"Baffa, ba a yagawa. Gyarawa ake yi."

Garzali ya zauna a dokin ƙofa. A gaban sili da taga da daɓe ya rubuta: an same su haka tun shiga, bisa shaidar mai gida, babu cirewa. Sai Marta ta sami baki. Ta ce ƙofar kicin ita ta ƙona ranar da miya ta kama, makulli ita ta yar a motar Kano, kuma ba za ta shiga gidan aure da haƙƙin dattijo ba. Baba ya ce ya yafe, ta ce ba ta yarda ba. Ba a taɓa jin ciniki irin wannan ba, mai karɓa na gudu, mai biya na binsa.

Garzali ya raba gardama. Kafinta ya yi wa sabuwar ƙofa kuɗi dubu ɗaya da ɗari takwas, amma tsohuwa ta ƙona, don haka rabi ne nata. Makulli ɗari biyu. An cire dubu ɗaya da ɗari ɗaya, sauran ya ƙirga mata a hannu. Ta miƙa makullan da suka rage, ta sa hannu, Baba ya sa nasa da ajami, kowa ya riƙe kwafi.

Ta fita ta danƙa wa Auta dubu shidansa. Ya lissafa sau biyu, ya tayar da mota, Marta ta shiga gaba. Hansai ta tura mata tukunyar ƙasa sabuwa ta taga, ta ce ta rungume ta a cinya, hanya ba kyau.

Baba Isyaku ya karɓi kuɗin ƙofar daga hannun Garzali, ya zagayo gefen da Marta take zaune, ya cusa mata su a tafin hannu ya naɗe yatsunta a kai.

"Baba, ai mun gama wannan maganar."

"Takarda ta gama tata. Wannan gudummawar biki ce, kuma ba a mayar wa uba da ita."

Marta ta buɗe baki za ta yi godiya, sai kuka ya riga ta, ga dariya ba ta tsaya ba. Auta ya sa giya.