Kuɗin Auta Sun Maƙale a Hanya

Tun da matarsa ta rasu, tsohon yake zaune shi kaɗai a ɗaki biyu a saman bene, bayan tashar motocin da ya yi wa aiki har idonsa ya fara gazawa. Mutanen layin har yanzu Direba suke ce masa, ko da yake ya daɗe rabonsa da sitiyari. 'Ya'yansa maza kowa ya kama gabansa. Auta ce kaɗai take tunawa da shi, ita kuma tana can wani gari mai nisa, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti.

Ba faɗa suka yi ba. Abin dai shi ne, a da uwar ce take riƙe waya, su yi ta hira da Auta har kunne ya yi zafi, shi kuma yana gefe yana jefa baki. Da uwar ta tafi, sai suka gano ba su san yadda ake hira su biyu ba. Gaisuwa, ya jiki, ya aiki, shi ke nan. A hankali kiran ya ragu, ya zama abin da ke zuwa masa daga Auta shi ne alat na ƙarshen wata. Wayar ta yi ƙara, ya sa tabarau, ya ga kuɗi sun shiga, ya rubuta mata "Allah ya yi albarka." Ita kuma ta amsa da "Amin Baba."

A wannan watan wayar ba ta yi ƙara ba.

Ya jira. Ya kashe ta ya kunna, ya ɗora ta a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi. Bai kira ya tambaya ba, don kada ya zama kamar roƙo. Maganin hawan jininsa kuwa ya kusa ƙarewa, sai ya fara shan rabin ƙwaya.

Wata rana yana wanke kofinsa ɗaya tilo sai ga kiran Auta.

"Baba, lafiya kuwa? Ban ga saƙonka ba."

"Wane saƙo, Auta?"

"Na albarkar da kake sa min. Na tura kuɗi tun ranar albashi."

"To, ni dai ban ga komai ba."

"Ba ka gani ba kamar yaya? An cire a asusuna, ya nuna min ya tafi. Bari na turo maka rasit."

Hoton ya shigo. Ga sunansa ɓaro-ɓaro, ga lambar asusunsa daidai, ga alamar kore da ke nuna an tura lafiya. Ya sauka ya je wurin na'urar cire kuɗi da ke bakin titi, ya duba. Abin da ya bari a ciki shi ya tarar.

Washegari ya goge takalminsa, ya sa rigar da yake zuwa ganin likita da ita, ya tafi banki. Aka ba shi lamba, ya zauna a kujerun ƙarfe masu sanyi. Kowa a wurin kansa na kan wayarsa. Wata mata a gefensa tana ta faɗa da wani a waya, "Wallahi na tura maka, ga rasit!" Ya so ya ce mata shi ma abin da ya kawo shi ke nan, amma kafin ya buɗe baki an kira lambarta.

Da aka zo kansa, ma'aikaciyar da ke karɓar ƙorafi ta amshi wayar, ta duba hoton, ta buga lambar asusunsa a kwamfuta.

"Baba, na fara duba ko kuɗin sun shiga saƙo ne kawai bai zo maka ba, don hakan na faruwa. Ba su shiga ba. Asusunka kuma lafiyarsa ƙalau, ba a rufe shi ba, lambar da ta sa ma daidai ce."

"To ina kuɗin, 'yata? Ga shi an rubuta ya tafi."

"Ya tafi daga wurinta, Baba, bai iso wurinka ba. Bankinta daban, namu daban. In ta tura, bankinta zai cire kuɗin, ya miƙa saƙon ga na'urar da ke haɗa bankuna, ita kuma ta miƙo mana. Wannan rasit ɗin bankinta ne ya ba ta, shaidar cewa ya cire ya aika. Mu kuma ranar na'urorinmu sun samu matsala, saƙonni da yawa ba su zauna a asusun masu su ba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Kamar a ce an yi lodi, mota ta tashi daga tasha, an rubuta ta tashi, amma ba ta sauke ba."

Ta ɗago ta dube shi, ta yi murmushi. "Kusan haka. Direba ne kai, Baba?"

"Da can."

Ya gyara zama zai ba ta labarin hanyar da ya fi sani, amma idonta ya riga ya koma kan kwamfuta.

"Ba su ɓace ba," in ji ta. "In bankunan suka daidaita lissafinsu, ko dai su faɗo asusunka, ko a mayar mata. Ita ce za ta kai ƙorafi bankinta, tunda daga can aka cire. Ta ba su wannan doguwar lambar da ke ƙasan rasit, da ita ake bin sawu. Kuma ka ce mata kada ta sake turawa tukuna, kada a cire mata sau biyu."

Ya fito da abin faɗa a bakinsa. Da Auta ta kira lokacin hutun cin abinci, ya zayyana mata komai, har da misalin lodi. Ta yi dariya. Rabon da ya ji dariyarta tun uwar tana raye.

"Baba, kai komai sai ka mayar da shi mota."

"To me na sani ban da ita?"

Daga ranar kullum sai ta kira. Farko tambaya ɗaya ce, "Ya shiga?" Ya ce bai shiga ba. Sai ta gaya masa yadda ta yi da bankinta, yadda suka karɓi lambar suka ce ta jira kwanakin aiki. Daga nan maganar ta riƙa zamewa wani wuri. Ta ba shi labarin shugabarsu mai ƙirga safar hannu kamar zinariya, da wani ƙaton mutum da ya suma don ya ga allura. Shi kuma ya gaya mata an rushe shagon mai facin taya, maƙwabcin ƙasa ya sayi kare mai haushi kamar tsohon inji. Ya zama tun safe yake tara abin da zai faɗa mata. In ya ga wani abu ta taga, sai ya ce a ransa, wannan na Auta ne.

Wata safiya yana aske gemu wayar ta yi ƙarar da ya sani. Ya sa tabarau da kumfa a fuskarsa. Kuɗin sun shiga, cif.

Ya zauna a bakin gado da wayar a hannu. Ya buɗe wurin rubuta saƙo, ya rubuta "Allah ya yi," ya tsaya. Ya goge. Ya ƙarasa askinsa, ya je ya cire kuɗin magani, ya dawo.

Da rana ta kira. "Baba, ya shiga?"

Ya dubi bango. "Har yanzu dai, Auta."

"Kai, waɗannan mutane!" Sai ta shiga ba shi labarin wata abokiyar aikinta da ta haihu. Ya saurara, ya yi dariya inda ya kamata, amma abincin ranar bai shiga cikinsa ba. Washegari ma haka ya ce mata. Ya ajiye wayar ya daɗe a tsaye a bakin taga, yana kallon motoci suna cika suna tashi.

Kira na gaba muryarta a gajiye take, yana jin hayaniyar titi a bayanta.

"Baba, na nemi izini a wurin aiki, ina hanyar banki yanzu. Yau sai sun gaya min inda kuɗin nan suke. Kuma na yanke shawara, ba zan bar ka ba magani ba. Zan taɓa kuɗin hayata na sake turo maka, in ya so..."

"Kada ki tura."

"Na san matar bankin ta ce a jira, amma..."

"Auta, sun shiga."

"Alhamdulillahi! Yanzu?"

Da a ce ya amsa da e, da maganar ta wuce. Ya ji ƙarar hon a can inda take.

"Shekaranjiya," in ji shi.

Ya ciro wayar daga kunne ya duba ko ta yanke.

"Shekaranjiya, Baba? Jiya fa na tambaye ka. Ka san yadda na yi da shugabarmu kafin ta bar ni na fito?"

"Na sani. Ban kyauta ba."

"To me ya sa?"

Mutumin da ya yi shekaru yana surutu da fasinja daga tasha zuwa tasha, ga shi ya kasa haɗa kalma biyar.

"Gidan ne shiru," ya ce daga ƙarshe.

Ya ji numfashinta, ya ji wani yana kiran fasinja a kusa da ita.

"Baba, bari na koma aiki kafin a sa min jan biro. Ka sayi maganin?"

"Na saya."

"Ka sha cikakke, ban da rabi. Na san halinka."

"To."

"Sai anjima."

Ba ta kira washegari ba, ba ta kira ranar da ta biyo baya ba. Shi ma ya ɗauki wayar sau da yawa ya ajiye, don bai san ko fushi take yi ba, ko aiki ne ya sha kanta. Ya share ɗakin da ba wanda ya ɓata, ya wanke labule, ya gyara ƙafar kujerar da ta daɗe tana rawa.

Ranar hutun ƙarshen mako da yamma ya zauna a kujerar, ya nemo lambarta, ya danna da kansa. Ta yi ta ringin har ta katse. Can sai ga saƙo: "Ina bakin aiki Baba, an riƙe mu. Zan neme ka in na tashi."

Ya karanta sau biyu. Ya sa wayar a caji, ya ƙara mata ƙarar kira har ƙarshe, ya jawo kujerar kusa da soket. A ƙasa karen maƙwabci ya fara haushi, wani yana rufe shagonsa. Ya tuna bai ɗora ruwan shayi ba, amma bai tashi ba tukuna.