Allon Baba Manasse

Tun shigowar damina kwamfutocin kamfanin shinkafar da ke kusa da Bulumkutu suka fara nauyi. A 1997 aka haɗa sito, sayarwa da akanta a kan manhaja ɗaya, ERP, aka kuma ɗauki Kellu, wadda ta gama jami'a, ta riƙa kula da ita. Yanzu kusan kowace hantsi sai allon masu sayarwa ya tsaya cak, direbobi na jira a rana.

"Zuwa Juma'a ki gaya mini mene ne," in ji Oga Wilson, manaja. "In inji ne, mu gyara. In mutum ne, ya tafi gida."

Kellu ta ce to, idonta a ƙasa.

Ta fara da aikin dare, wanda ke tattara cinikin yini bayan an tashi. In NEPA ta ɗauke wuta yana tsaka da gudu, sai an sake tayar da shi da safe, ya yi ta kokawa da ma'aikata a kan bayanai ɗaya. Ta duba tarihinsa: duk makon yana gamawa kafin asuba. Ba shi ba ne.

Sai ta lura da rahoton da Oga Wilson ke bugawa da safe, wanda ke karanta cinikin shekara kaf, faifan injin ya yi ta gurnani. Ta roƙe shi a mayar da shi yamma. Abubuwa suka ɗan saki, amma tsayawar ba ta daina ba.

Ran Laraba da allon ya sake daskarewa, ta kalli babban injin. Shiru yake, ba ya wahala. Ashe jira ake yi. Ta buɗe jerin makullai, inda ake ganin wanda ya kulle kowane bayani, ta ga masu sayarwa sun yi layi a bayan mutum ɗaya. Kwamfutar sito ta buɗe bayanin babban buhu don gyara, ba ta adana ba, ba ta fita ba. Duk mai sayar da buhu dole ya rage adadin nan, kuma ba zai iya ba sai an sake shi.

Tana iya katse shi daga kujerarta, amma abin da ya shigar zai goge. Ta yafa mayafinta ta nufi sito.

Baba Manasse, mai kula da siton tun kafin a san kwamfuta, yana zaune hancinsa kusan a jikin gilashin. Motar Zabarmari ta sauke kaya, yana ƙoƙarin shigar da su. Yatsansa na bin lambobin, ya koma farko, ya sake bi.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya zabura. "A'a, Injiniya! Yau ke ce a cikin ƙaiƙayi?"

Ta ja benci ta zauna. Can ta tambaya a hankali, "A da wa ke karanta maka?"

Ya janye yatsansa daga gilashin. "Mataimakina, Dzarma. Tun da aka mayar da shi Biu, sai ni da Allah. Takwas da uku sun zama 'yan uwa, 'yata. Ina tsoron in danna kuskure, shi ya sa nake barinsa a buɗe har in tabbata."

"Duk lokacin da yake buɗe, Baba, su Margaret a ofis ba sa iya sayarwa."

Ya dafe baki. "Ni ne? Ni da nake taya su zagin injin?"

Dariya ta kuɓuce mata, shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba. "Saura kaɗan autata ta gama makaranta," ya ce.

Kellu ta tuna da maganar Oga Wilson. Ta karanta masa lambobin, ya adana. Daga ofis suka jiyo firinta ta kama ƙara. Ta ƙara girman rubutun allonsa, ta nuna masa shafin dubawa, wanda ba ya kulle komai: ya natsu a can yadda yake so, sai ya shirya sannan ya shiga na gyara.

"Kuma Asabar za ka je a duba idon."

"Umarni ne?"

"Roƙo ne, Baba."

Ran Juma'a ta tsaya gaban Oga Wilson. Ta yi bayanin rahoton, sannan ta ce shafin sito yana kulle bayanin tun daga buɗewa, kuma ba ya saki ko mutum ya daɗe. Ta riga ta rubuta wa masu manhajar a Legas su sa masa iyakar lokaci.

"Wa ke buɗe shi?"

"Sito, Oga. Amma ko ni ce na zauna a wurin, haka zai yi."

Ya dube ta, ya leƙa ta taga wajen sito, inda ake loda mota ba tsayawa.

"Tun jiya bai tsaya ba?"

"Tun shekaranjiya da rana."

"To, je ki."

Ran Litinin da hantsi ta buɗe jerin makullai. Sunan Manasse ya fito, kafin ta gyara zama ya ɓace. Da ta wuce ta bakin sito, ya ɗago kai da sabon tabarau mai kaurin gaske.

"Injiniya," ya ce, "ashe haka kike da ƙuruciya?"