Idon Ruwan Dokas

Bayan mutane sun dawo Mubi daga gudun hijira, kowa gini yake yi, gini kuwa sai da tsakuwa. Shi ya sa wani kamfani ya ƙyalla ido kan wani dutse da ke bayan gonakin Gude, ya ce zai kafa wurin fasa dutse. Ma'aikatar muhalli ta tantance takardunsu ta ce aikin babba ne, akwai nakiya, akwai mutane kusa, sai an yi cikakken binciken illarsa ga muhalli. Aikin binciken ya faɗo hannun ofishinmu, wato hannun Oga Abdulmumini, mutumin da ko gona ya shiga sai da rufaffen takalmi mai sheƙi. Ni Halimat, ni ce mai riƙe masa biro.

Bayan tantancewar, mataki na biyu shi ne shata iyakar bincike: a zauna da mutanen wurin, su faɗi abin da suke tsoro, a san abin da za a auna. Oga ya kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Maza ashirin da uku suka zo, manyan riguna, manyan muryoyi. Suka yi maganar ƙura, da ƙarar nakiya, da tsagewar bango, da kaburburan kakanni, da aikin gadi ga samari. Na rubuta duka. Da na raɗa wa Oga cewa ban ga mace ko ɗaya a kan tabarma ba, sai ya ce ai mazansu sun yi magana, mu tashi kafin rana ta yi. Na rufe littafina na bi shi, kuma har yau abin nan yana ba ni haushin kaina.

Abin da aka lissafa shi muka auna, rani da damina. Rahoto ya fito mai kauri kamar bulo, da Turanci, aka ajiye shi a sakatariyar ƙaramar hukuma kwana ashirin da ɗaya wai jama'a su karanta su yi ƙorafi. Matakan rage illa kuwa, tubarkalla: a yayyafa ruwa a hanya, a busa jiniya kafin nakiya, a kewaye kaburbura da waya. Aka amince, aka fara aiki.

Bayan wata tara aka tura ni zagayen bibiya na uku, in duba ko kamfanin yana bin matakan. Ina tsaye da na'urar auna ƙara sai wata dattijuwa ta kama gefen mayafina. Ta ce sunanta Dokas. Mijinta Elkana ya rasu a hanya lokacin gudu, ta dawo da jikoki huɗu, abin da take ciyar da su shi ne lambun alayyafo da tumatir a gindin dutsen. Ta ja ni muka zagaya ta bayan wata tsamiya, ta nuna mini wata tsaga a jikin dutse. A nan ruwa yake fitowa tun tana amarya, ko a watan Maris bai taɓa yankewa ba. Tun nakiya ta shida ya fara ja baya. Yanzu sai busasshen gansakuka, kunyoyin lambun sun yi fari fat.

Na buɗe jadawalin bibiya. Ƙura akwai layinta, ƙara akwai, girgizar ƙasa akwai, har tsagewar bango. Idon ruwa babu. Na kira Oga a waya. Ya ce, cikin muryar nan tasa ta mai ba ɗalibai lacca, abin da ba a sa a iyakar bincike ba ba a auna shi ba, wanda ba a auna ba kuwa babu ma'aunin farko da za a kwatanta da shi. Da me zan nuna cewa nakiya ce ta karkatar da ruwan? Ƙila fari ne. Abin takaicin shi ne, a takarda gaskiyarsa.

Manajan kamfanin ya ƙaraso da hular kwano, yana ta fara'a, ya tambaya ko sun ci jarrabawa. Wallahi sun ci, kowane layi daidai. Na rubuta maganar Dokas a ƙasan shafi, wurin ƙarin bayani, na nemi a sake duba shirin, alhali na san ko an duba ruwan ba zai dawo tsagar nan ba.

Na juya wajen Dokas na ce, "Mama, me ya hana ki zo taron nan ki faɗa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Na zo, 'yata. Mai unguwa ya ce mu kawo wa baƙi ruwa. Daga tsagar nan na ɗebo, tulu biyu. Ke ma kin sha, har kika ce yana da sanyi."