Ƙahon da Kallamu Bai Kafa Ba

Jibo na ɗaurin damen gero sai ya dafe ƙeya, ya ce kamar an sara mai gatari. Matarsa Zalika ta kasa zaune ta kasa tsaye har Kallamu wanzami ya iso.

Ya iske Jibo ya yi amai, yana kare ido daga haske.

"Duƙar da kai in kafa ƙaho."

Wuya ya ƙage, haɓa ta ƙi kaiwa ƙirji. Kallamu ya maida ƙahon cikin zabira.

"Haba Baba, ka zuƙe mugun jinin mana!" in ji Zalika.

"Ɗiyata, ciwon da ya faɗo farat ɗaya, ga amai, ga wuya a sanƙare, ya fi ƙarfin ƙaho. Ku kai shi asibitin Ƙonni yanzu."

Zalika ta fita a guje, ko takalmi ba ta saka ba. Wata motar siminti daga Malbaza na tafe, Zalika ta tsaya tsakiyar hanya ta tare ta don a kai Jibo asibiti.