Shafin Watan Yuni

Shekara goma sha tara ke nan, duk watan Fabrairu sai in hau A-daidaita-sahu daga Rijiyar Lemo zuwa Sabon Gari, in duba wa Celestine takardun banki. Ni tsohon akawun masaƙa ne. Masaƙar ta mutu ta bar ni da kalkuleta da ciwon baya. Shi kuwa kayan gyaran janareto yake sayarwa. Aikin na awa ɗaya ne, amma mukan yi masa kwana uku, da shayi da musun ƙwallo.

Bana da na isa, rabin shagon yana cikin kwalaye. Ɗansa Obinna ya gina masa gida a garinsu Nnewi, matarsa Uchechi ma ta riga ta tafi.

"Malam Kyari, duba da kyau," ya ce. "In lissafi ya yi daidai, ran Alhamis in rufe asusu, Juma'a in hau mota. In bai yi ba, sai na zauna an gyara. Ba na bin banki ta waya."

Miliyan huɗu ya ajiye, ana ba shi ruwa kashi goma sha biyu cikin ɗari a shekara, ana zuba masa wata-wata. Satifiket ɗin da banki ya ba shi ya ce kuɗin ruwan bara dubu ɗari huɗu da tamanin, harajin da aka cire tun daga tushe dubu arba'in da takwas, wato kashi goma. Aikina in bi takardun asusu, in tara ruwan da ya shiga a gefe guda, harajin da aka zare a layin ƙasansa a ɗaya gefen, in ga ko sun haɗu da satifiket.

Na tara. Ba su haɗu ba. Ruwa ya gaza da naira dubu talatin da tara da ɗari huɗu da hamsin da biyu, haraji ya gaza da dubu uku da ɗari tara da arba'in da biyar.

Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Giɓi yana nufin wasiƙa zuwa ga manaja, da "ku dawo mako mai zuwa", da zama a bencin banki. Mako uku ko huɗu. Na tsufa har ina murnar layin banki.

"Akwai matsala?"

"Da alama, Oga Cele."

"Ka gani! Ɓarayi masu taye a wuya." Ya ɗora butar shayi yana fito. Ban taɓa ganin wanda aka cuta yana fito ba.

Sai dai kan akawu ba ya barin mutum ya ji daɗinsa. Giɓin harajin kashi goma ne cif na giɓin ruwan. Giɓin ruwan kuma daidai yake da ruwan wata guda, irin wanda ya shiga a Afrilu ko Satumba ko Nuwamba, watanni masu kwana talatin. Kuskuren banki ba ya zuwa da tsabta haka. Na koma ina bin shafi-shafi. Abin da ya rage a ƙarshen Mayu bai yi daidai da abin da aka buɗe Yuli da shi ba. Babu shafin Yuni. Ramin ƙusar da aka maƙale takardun ma ya ɗan yage.

Na daɗe ina goge tabarau. Zan iya yin shiru. Ba wanda zai kama ni sai yarinyar da ke karɓar ƙorafi a banki, ita ma sai bayan mako biyu. Na tuna ranar da ya rufe shago ya kwana tare da ni a asibiti lokacin da aka yi wa Yakaka, matata, aiki. Na kuma tuna cewa shekara goma sha tara ban taɓa ba shi lambar ƙarya ba. Da ma gaskiyar lissafi kaɗai ce dukiyata.

"Oga Cele, banki ba su ci maka ko kwabo ba. Shafi ɗaya ne ya ɓata. Na Yuni."

Bai juyo ba. Ya gama zuba madara, ya ajiye mini kofi, sannan ya sa hannu a aljihun riga ya ciro takarda ninki huɗu.

"Na ɗauka ka tsufa," ya ce. "Na ba ka mako biyu kafin ka gano."

"Minti arba'in."

"Mugu. Duk Fagge babu mai taurin kai irinka."

Na warware takardar. Ruwa ya shiga ran talatin ga Yuni, haraji ya fita a ƙasansa. Na tara duka sau biyu, a hankali, na ma ƙara na uku don kada a ce na yi gaggawa. Dubu ɗari huɗu da tamanin. Dubu arba'in da takwas. Na rubuta "ya yi daidai" a gefen satifiket, na sa kwanan wata.

"To baɗi wa zai duba maka?"

"Obinna ya ce waya tana yi."

"Waya ba ta shan shayi."

"Shi ya sa ta fi ka araha."

Ran Juma'a na raka shi tasha. Da na dawo gida Yakaka ta tambaye ni ko lissafin ya fita. Na ce mata ya fita sarai, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Na cire wa kalkuleta batir na sa ta a durowa.