Zanen da Ke Bayanta

Ƙanen matata ya rasu yana jariri, zafi ya kashe shi domin jikinsa ba ya gumi. Da hoton ciki ya nuna namiji za mu haifa, sai likita ta shafa wa matata aidin da garin sitaci a baya, ta zaunar da ita a ɗaki mai zafi, don a duba ko ita ma tana ɗauke da ciwon.

Inda gumi ya tsatso ya yi baƙi. Tsakaninsa kuwa layi-layi ne a bushe.

"Akwai zaren gado a ƙwayoyin jiki da ake kira X. Mace biyu ta gada, na uwa da na uba," in ji likita. "Tun tana gudan jini kowace ƙwayar halitta ke kashe ɗaya, ba zaɓe, kuma duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta haka za su bi. Inda X mai lafiyar ke aiki, akwai gumi. Busassun layukan nan, mai ciwon ne."

"Yaron fa?" na tambaya.

"X ɗaya gare shi, daga uwarsa. Ko mai lafiyar ko mai ciwon, rabi da rabi."

Matata ta kasa waiwayowa. "Maigida, me ka gani?"

Na ɗauko mayafinta na rufa mata. "Akwai layukan," na ce.