Baƙar Kwat a Ranar Farko

Saura kwana biyu Auta ta fara aikin ofis a ƙasar waje sai ga wasiƙar Innarta. Inna ba ta taɓa aikin ofis ba, don haka wata tsohuwar sakatariya a unguwarsu ta je ta tambayo.

"Ki sa baƙar kwat da dogon siket, ki goge su sosai. Ɗankwali marar ado, takalmi marar tsini. Turare kaɗan, kada ki hawar wa mutane kai."

Ran Litinin Auta ta shirya tsaf. Babu mai duba mata bayan riga, sai ta yi ta juyi a gaban madubin banɗaki.

A ofis ta tarar da kowa sanye da wandon jins. Shugabar sashensu ta yi murmushi ta ce, "Nan ba ma sa kwat sai ranar ganawa da abokan ciniki."

Da rana abokan aikin suka fita cin abinci, ita kuwa ta zauna a teburinta.

Da yamma Inna ta kira. "Yaya, sun yaba?"

Auta ta dubi ɗakinta, babu motsin kowa. "Na fi kowa tsaf, Inna."

"Alhamdulillahi. To gobe ma haka za ki sa."